Yadda ake nemo wa karin maganar Faransanci takwararsa a Hausa

Tafinta a Maraɗi ba ya rasa aiki. Ana taron manoma a Madarunfa ko Gidan Rumji, ma'aikacin gona ya yi bayani da Faransanci, sai a juya wa jama'a. Ana karanta labarai a gidan rediyo, takardar ta zo da Faransanci, mai sauraro kuwa Hausa yake jira. Ko bayan da aka mayar da Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, Faransanci bai bar ofisoshi ba, yana nan a matsayin harshen aiki. A cikin wannan hidima, wurin da aka fi ganin tafinta ya yi tuntuɓe shi ne inda mai jawabi ya jefa karin magana. Kalmomin duk ya san su, ya kuma jera su daidai, amma sai ka ga jama'a suna kallon juna.

Dalili kuwa, karin magana aiki ne da ake yi wa wani. Ana yin sa don a ja kunne, ko a rarrashi, ko a yi gugar zana, ko a rufe gardama. Dabba ko tukunyar da ke cikinsa abin hawa ne kawai. Saboda haka abin da tafinta zai nema shi ne karin maganar da Bahaushe zai ɗauko da shi ne ke tsaye a wurin, yana son yi wa waɗannan mutane wannan aiki. Ga yadda ake bi, kuma zan riƙe misali guda mu bi shi har ƙarshe.

Misalin da za mu yi aiki a kansa

A ce watan Agusta ne, hatsi ya fitar da kai, wake ya yi yaɗo, ana zaman ƙungiyar manoma. Wasu daga cikinsu sun fara karɓar kuɗi a hannun ƴan kasuwa, da alkawarin za su biya da buhunan wake in an yi kaka. Ma'aikacin gona yana son ya hana su. Ya lissafa musu abin da kan iya faruwa kafin amfani ya shiga rumbu: ruwa ya ɗauke da wuri, tsutsa ta shiga zangarniya, fara ta sauka. Daga nan sai ya rufe da karin maganar da duk wanda ya yi lakwal ya sani, wanda ke cewa kada a sayar da fatar wata dabba kafin a kashe ta. Dabbar ƙatuwa ce mai yawan gashi, ta dazukan ƙasashen sanyi, manomin Gidan Rumji bai taɓa ganin ta ba, kuma ba shi da sunan da yake kiran ta da shi yau da kullum.

Tafintan da ya bi kalma zai tsaya yana kwatanta dabbar: girmanta kaza, gashinta kaza, tana son zuma. Kafin ya gama, an manta da maganar bashi, wani dattijo ma yana tambaya ko ana cin namanta.

Mataki na farko: tuɓe wa maganar riga

Kafin ka fara laluben komai a Hausa, faɗa wa kanka ma'anar a jimla guda wadda babu dabba, babu hoto a cikinta. A nan jimlar ita ce: kada ka ci kuɗin abin da bai zo hannunka ba. Idan ka kasa yin wannan jimla, to ba ka gane karin maganar ba tukuna, kuma duk abin da ka nemo zai zama harbi a duhu. In aikin na rubutu ne, ka buɗe ƙamus na Faransanci zalla, wanda ke bayani da Faransanci, ka duba ƙarƙashin babbar kalmar, can ƙasa za ka tarar da karin maganar da bayaninsa. Ƙamus mai harshe biyu sau da yawa kalmomin kawai zai ba ka.

Sanin asalin maganar yana taimakawa in akwai shi. Wannan ta fatar dabba ta yaɗu ta hanyar tatsuniyoyin marubucin Faransa La Fontaine, waɗanda kashinsu na farko ya fito a 1668. A cikin tatsuniyar, abokai biyu ne kuɗi ya yanke musu, suka je wurin mai sana'ar fata suka sayar masa da fatar dabbar tun tana yawonta a daji. Da suka yi arba da ita, ɗaya ya haye bishiya, ɗaya ya kwanta ya yi kamar ya mutu. Ka ga ke nan tun asali maganar ciniki ce, da abin da aka sayar ba a mallaka ba. Riƙe wannan, zai yi mana amfani wajen zaɓe.

Mataki na biyu: wa ke magana, da wa, kuma yaushe

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Jimlar ma'ana ita kaɗai ba ta isa ba, domin karin magana biyar na iya zama da ma'ana kusan ɗaya, amma kowanne da wurin da ake faɗinsa. Tambayoyi uku nake yi wa kaina.

Ta farko, abin ya riga ya faru ne ko ana tsoron faruwarsa? Hausa tana da karin maganar gargaɗi, tana kuma da na "ai ga irinta nan". Wanda ya ce "tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka" galibi yana magana ne a kan wanda ya riga ya jawo wa kansa. In ka faɗa wa manomin da bai karɓi bashi ba tukuna, ka yanke masa hukunci kan laifin da bai yi ba. A misalinmu gargaɗi ne, abin bai faru ba, akwai sauran dama.

Ta biyu, mene ne tsakanin mai magana da masu sauraro? Ma'aikacin gonar nan mai yiwuwa saurayi ne ɗan shekara talatin, a gabansa kuwa akwai masu furfura, akwai mai gari. A Faransanci yaro na iya jefa wa babba karin magana ba a ga komai ba. A wurinmu akwai waɗanda daga sama suke saukowa, uba ga ɗa, malami ga almajiri, in suka fito daga ƙasa sai su zama rashin kunya. Tafinta shi ne bakin mai jawabi, in ya zaɓi mai kaifi, mai jawabin ne za a ce bai da ladabi, alhali shi bai san ma an yi ba.

Ta uku, da wace murya aka faɗa? Da murmushi, ko da ɗaure fuska? Karin maganar fatar dabba yana da ɗan raha a cikinsa, ba zagi ba ne. Abin da za ka kawo shi ma ya kamata ya sa a yi murmushi a gyaɗa kai.

Mataki na uku: tara guda uku ko huɗu kafin ka zaɓa

Na farkon da ya faɗo maka a rai sau da yawa maƙwabcin wanda kake nema ne, ba shi ba ne. Saboda haka kada ka tsaya a kansa, ka ci gaba har ka tara uku ko huɗu.

Yadda ake nema shi ma yana da hanya. Kada ka nemi karin maganar da ke da "fata" ko "farauta" a ciki. Ka ƙirƙiro halin da ake ciki a gida, ka ji abin da bakinka zai faɗa. Ka ɗauka ƙanenka ne ya zo ya ce maka ya ci bashin jika hamsin zai biya da waken da bai yi fure ba. Me za ka ce masa? Me kakarku za ta ce?

In aikin rubutu ne kana da lokaci, ka kai wa manya, amma ka lura da yadda za ka yi tambayar. In ka ce wa dattijo, "Baba, yaya ake cewa kaza da Hausa?" zai gyara maka fassarar kalmomin ne kawai, ya ba ka jimla mai kyau wadda ba karin magana ba ce. Labari za ka ba shi: "Baba, wani ne ya sayar da wakensa tun yana gona, ya ci kuɗin, ga shi ruwa na neman ɗaukewa." Ka yi shiru. Kafin ka ƙifta ido karin maganar zai fito da kansa, wani lokaci biyu a jere. Wuraren da aka fi samun wannan ba ofis ba ne: majalisar dattawa bayan la'asar, rumfar mahauta, wurin dillalan dabbobi, da tsofaffin mata a gidan suna. Dillalai musamman, domin rabin cinikinsu da karin magana ake yin sa.

Littattafai ma suna nan. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da karin magana a ƙarƙashin kalmomi, akwai kuma tarin guda 500 da Kirk-Greene ya fitar a 1966. Sai dai duka biyun a hayin Najeriya aka tattara su, da bayanin Turancin Ingilishi, kuma an daɗe. Abin da ka tsinto a cikinsu ka gwada shi a kunnen mutumin Maraɗi kafin ka ɗora a rediyo, don wani ya riga ya mutu a bakin mutane, wani kuma a nan da wata siga ake faɗinsa.

A misalinmu, ga abin da yakan fito: "Hangen Dala ba shiga birni ba ne." "Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare." "Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa." "Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki." Sai kuma maganar nan ta "cinikin biri a sama."

Mataki na huɗu: auna kowanne da jimlar ma'ana

Yanzu ka ɗauko jimlarka ta mataki na farko, kada ka ci kuɗin abin da bai zo hannunka ba, ka ɗora kowanne a kanta.

"Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare" maganar gasa ce. Wurinta filin kokowa, lokacin da magoya bayan wani suka fara murnar takobi tun ba a yi karon ƙarshe ba, ko ranar zaɓe kafin a gama ƙirga. Tana buƙatar mutum biyu ko fiye da ake jiran a ga wa zai daure. Manominmu ba ya gasa da kowa. A ajiye ta.

"Ba a yabon ɗan kuturu" a kan mutum take, sabon shugaba ko sabuwar amarya da aka fara yabo da wuri. Ba ta shafi dukiya ba. Ban da haka, a taron jama'a da ba ka san kowa ba, ambaton kuturu da makaho da gurgu abu ne da ake takatsantsan da shi, don ba ka san wanda ke zaune a bayan rumfa ba.

"Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki" ita ce mai haɗari a cikinsu, kuma ita ce takan riga sauran zuwa, domin ita ma tana maganar abin hannu da abin da ake jira. Amma duba wanda take goyon baya. Tana cewa karɓi ƙaramin da ke gabanka, ka bar jiran babba. Manomin da ya karɓi kuɗin ɗan kasuwa a Agusta ai abin da ya yi ke nan: ya ɗauki ƙwai, ya bar kaza. In tafinta ya faɗi wannan, ya juya wa ma'aikacin gona jawabinsa gaba ɗaya, jama'a su tashi da cewa an ba su izini. Takwararta a Faransanci wani karin magana ne dabam, wanda ke cewa "ungo" guda ya fi "za ka samu" biyu. A can ne ta dace.

Saura biyu. "Hangen Dala ba shiga birni ba ne" gargaɗi ne, ba shi da zafi, yaro na iya faɗa a gaban manya. Dala dutsen nan ne na cikin Kano da matafiyi kan hango tun daga nesa, alhali da sauran tafiya kafin ya kai ƙofar gari. Ga hatsin da ya fitar da kai amma bai shiga rumbu ba, hoton ya zauna daram. Mutanen Maraɗi kuwa Kano ba baƙon wuri ba ne gare su, hanyar Ɗan Isa da Jibiya da Katsina ta sha ƙafar alhazan garin nan. Rauninsa biyu ne. Bai taɓo ciniki ba, yana maganar ɗoki ne kawai. Sannan a nan "dala" kuɗi ce, tamma biyar, kuma a maganar bashi yaron da bai san dutsen ba zai iya ɗauka kuɗin ake nufi. In za ka yi amfani da shi a ƙauye, ka ɗan ja sunan yadda za a ji wuri ne.

"Cinikin biri a sama" kuwa ya kama ɓangaren da wancan ya bari: ana sayar da abin da ba a kama ba, yana can kan reshe. Akwai dabba, akwai ciniki, akwai raha, kamar dai tatsuniyar asali. Rauninsa shi ne an fi jin sa ta wajen mai saye, wanda ake gargaɗi kada ya biya kuɗin abin da bai gani ba, manominmu kuwa mai sayarwa ne. Amma kalmar "ciniki" ta haɗa su duka biyu.

Ni a wannan zama da biri zan tafi, in kuma akwai sarari in share masa hanya da Dala. Sai maganar ta fito kamar haka: "Ya ce a yi haƙuri a jira kaka. Hatsi ya yi kyau, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya karɓi kuɗi yanzu a kan waken da ke gona, cinikin biri a sama ya yi." Da a ce ma'aikacin yana magana ne a kan murnar da aka fara tun ba a girbe ba, babu batun bashi, da Dala ita kaɗai ta wadatar. Karin maganar Faransancin bai canja ba, wurin ne ya canja, amsar ta bi shi. Wannan ne ya sa jerin nan da ake yaɗawa a salula, wannan daidai da wannan, ba ya kai mutum ko'ina.

Tarkon hoto iri ɗaya

Wani lokaci sa'a takan sa harsunan biyu su yi amfani da hoto guda don ma'ana guda. Faransawa na cewa a bugi ƙarfe tun yana da zafi, mu ma muna cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, don maƙera ko'ina haka suke aiki. Rigakafi ya fi magani ma haka yake a can da nan. Irin waɗannan ba su da wahala, ka wuce.

Matsalar ita ce suna sa tafinta ya saki jiki, ya ɗauka duk inda hoto ya yi kama ma'ana ma ta yi. Faransawa na cewa a ƙasar makafi masu ido ɗaya su ne sarakuna. Kunnen Bahaushe na jin makaho da mai ido ɗaya sai ya tuno "mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho." Mutanen cikin maganar su ne dai, amma aikin ya sha bamban. Na Faransanci raini ne: wane ba gwani ba ne, rashin gwanaye ne ya ɗaga shi. Namu wa'azi ne a kan godiya. In ɗan siyasa ya yi wa abokin hamayyarsa gugar zana da na farko, kai kuma ka fassara da na biyu, ka mayar da shi mai wa'azi.

Akasin haka ma yana faruwa, hoton ya yi nisa amma aikin ɗaya ne, kuma waɗannan su ne suka fi daɗi in an dace. Suna cewa kyanwar da ruwan zafi ya ƙona tana tsoron na sanyi, mu muna cewa wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Suna cewa ba a bin zomo biyu a lokaci guda, mu muna cewa taura biyu ba ta taunuwa. Suna cewa babu hayaƙi in babu wuta, mu muna cewa ruwa ba ya tsami banza. Ko a nan a duba nauyi. Suna da wata magana cewa karnuka ba sa haifar kyanwoyi, wadda ake faɗa a yabo, ake kuma faɗa a zagi. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" ta fi karkata ga yabo, ɗan gwani ya gaji gwaninta. In ɗan ɓarawo aka kama da sata, ka ɗauko barewa, za a ji ta a matsayin ba'a. In ba'ar ake so, to madalla. In ba ita ake so ba, ka faɗi maganar a fili.

Akwai kuma hoton da ba ya shiga taro a garin nan ko da an gane shi. Faransawa na cewa in an riga an zuba giya dole a sha, ma'ana abin da aka fara sai an ƙarasa. Faɗi wannan kalma da kalma a gaban malamai a Maraɗi ka ga yadda fuskoki za su canja. Hausa na da "kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski," wanda ya dace in an riga an karɓi wani abu, kuɗin kwangila ko amana. In babu abin da aka karɓa, an dai fara ne kawai, "aikin gama ya gama" ko "tunda an shiga sai a fita" sun fi kusa.

In mai jawabi ya ci gaba da wasa da hoton

Wannan yakan kama tafinta a taron baki da baki. Ka riga ka sauya fatar dabba da biri, sai mai jawabi ya ƙara da cewa, "kuma bana dabbar tana da faratai," yana nufin damina mai wuya. Yanzu kana da biri a hannu, shi yana da wata dabba.

Hanya biyu ce. Ko dai ka ci gaba da naka hoton, ka ce "kuma birin bana ya hau can ƙololuwa," wanda ya isar da nufin. Ko kuma, in ka san mutumin mai son jan magana ne, tun farko ka riƙe hotonsa ka sauya dabbar da wadda aka sani: "Ya ce su a wurinsu akan ce, kada ka sayar da fatar zaki tun yana daji." Wannan ba karin maganar Hausa ba ne, kuma bai kamata ka sayar da shi a matsayin haka ba, amma kowa zai gane, kuma faratan za su sami wurin zama. A aikin rubutu abin ya fi sauƙi: karanta takardar har ƙarshe kafin ka taɓa karin maganar farko, ka ja layi a duk inda hoton ya sake ɓullowa.

Yadda ake shigar da shi cikin magana

Bahaushe ba ya jefa karin magana tsirara, yakan share masa fage da "Hausawa na cewa" ko "masu iya magana sun ce." A nan akwai ɗan abin lura. In baƙo ne daga wata ƙasa yake jawabi, kai kuma ka ce "ya ce Hausawa na cewa," ka sa masa maganar da bai yi ba, kuma wani zai je ya gaishe shi da Hausa yana zaton ya iya. Abin da ya fi tsabta shi ne, "ya kawo karin maganarsu, irin namu da muke cewa kaza." Jama'a sun san an yi musanya, sun kuma sami abin da ake nufi. A labaran rediyo, inda ake ɗauko maganar shugaba ko minista, wannan ya zama dole, don gobe ana iya cewa wane ya ce "biri," alhali bai ce ba. A gaban alƙali kuwa, ko a takardar yarjejeniya, musanya ba ta da wuri: faɗi abin da aka ce kalma da kalma, sannan ka bi da ma'anarsa.

Kada kuma ka cika shi in an saba yanke shi. "Hangen Dala..." kawai ya isa, dattawa za su ƙarasa da kansu, kuma wannan ƙarasawar ita ce babbar shaidar cewa ka dace. In ka faɗa aka yi tsit, ko wani ya ce "wato me?", ko aka yi dariya a inda mai jawabi ya ɗaure fuska, to an sami tazara, sai ka bi da jimlar ma'anarka nan take ba tare da ka tsaya ba da haƙuri ba. Ga aikin rubutu, gwajin shi ne ka karanta wa wanda bai yi lakwal ba sakin layin gaba ɗaya, ka ce, "Inna, me mutumin nan yake so a yi?" In ta ce yana so a jira kaka, ka gama. In ta ce yana so a karɓi kuɗi, ka koma mataki na huɗu.

In an nema an rasa

Yakan faru. Wani karin maganar ya tsiro ne daga abin da babu shi a rayuwarmu, wani kuma akwai mai kama da shi amma ya fi shi zafi nesa ba kusa ba. Abin da ba a yi shi ne ƙirƙiro sabo a sa masa "Hausawa na cewa." Dattijon da ya shekara saba'in yana jin Hausa zai gane ba a faɗin haka, daga nan kuma sauran fassararka ma ya daina yarda da ita. Faɗi ma'anar a fili da Hausa mai kyau. In kana jin jawabin ya rasa gishirinsa, ka rama a gaba: inda mai jawabi ya yi magana a fili cewa a haɗa kai a sayar da wake tare, kai ka sa "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Nauyin jawabin ya dawo, ba a kuma yi wa kowa ƙarya ba.

A taron baki da baki duk matakan nan cikin daƙiƙa biyu ko uku ake yin su, saboda haka ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu kaye guda ka raba shi bisa aiki, ba bisa harufa ba: shafin gargaɗi kafin abu ya faru, shafin zargi bayan ya faru, shafin rarrashi, shafin haɗin kai, shafin bashi da ciniki, shafin gaggawa da haƙuri. A ƙarƙashin kowane karin magana ka rubuta wa ya faɗa, ga wa, a kan me, ba da suna ba, da matsayi: dillali ga mai saniya, uwar miji ga amarya, liman ga matasa. In ka ci karo da na Faransanci, ka sa shi a shafin da aikinsa ya dace, kusa da ƴan'uwansa na Hausa. Kafin taron manoma ka duba shafin bashi da na haƙuri, kafin na asibiti ka duba na rigakafi da na rarrashi, kuma in da hali ka tambayi mai jawabi tun a mota ko akwai karin maganar da ya saba rufe jawabinsa da shi, don yawancinsu biyu ko uku ne suke juyawa a kowane gari.